Gano kansa da wuri da tsawon rai

Gano cutar kansa da wuri ba shi ne hujjar cewa gwajin da ake yi wa masu lafiya yana ceton rai ba. Abubuwa biyu sukan sa alkaluma su ruɗi mai lissafi.

Na farko shi ne ratar lokaci. A ɗauka mutum zai rasu yana ɗan shekara 70. Idan tari ya kai shi asibiti yana ɗan 67, za a rubuta ya rayu shekara uku da cutar. Idan hoton ƙirji ya gano ta yana ɗan 60, sai a rubuta shekara goma. Ranar rasuwarsa ba ta motsa ba, shekarun fargaba da zaryar asibiti ne suka ƙaru.

Na biyu ya shafi saurin ƙari. Mai girma sannu a hankali yakan daɗe bai nuna alama ba, don haka shi gwaji ya fi kamawa. Mai saurin yaɗuwa kuwa yakan ɓulla tsakanin gwaji da gwaji. Masu sauƙin cuta sai su yi yawa cikin waɗanda aka gano.

Binciken huhu na asibitin Mayo a Amurka, a shekarun 1970, ya nuna haka. An raba maza masu shan taba gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ana yi wa rukuni ɗaya hoton ƙirji duk wata huɗu. A wannan rukunin an fi gano kansa, masu ita sun fi daɗewa bayan ganowa, amma mace-mace ba su ragu ba. Shi ya sa masana ke ƙirga mamata cikin rukunin gaba ɗaya, tun daga ranar rabo.