Kai Tsaye Ne, Ana Jira Ne, Ko An Riga An Tashi? Yadda Ake Gane Halin Bidiyo A YouTube

Duk bidiyon da aka shirya watsawa kai tsaye a YouTube yana ratsa matakai uku: lokacin da aka sanar da shi ana jira, lokacin da ake cikin watsa shi, da lokacin da aka gama ya koma ajiyayye. Adireshinsa ɗaya ne a duka matakan, ba ya sauyawa. A nan ruɗanin yake farawa, domin linkin da aka tura wani zauren WhatsApp da la'asar ana cewa "an fara, ku shigo" shi ne dai wani zai buɗe bayan kwana uku, ya zauna yana saurare da zaton malam na kan kujera a wannan lokacin.

Alamomin da ke kewaye da bidiyo iri biyu ne, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Akwai waɗanda mai tashar ya rubuta da hannunsa, wato taken bidiyon, da hoton da ke fuskarsa, da bayanin da ke ƙasa. Akwai kuma waɗanda YouTube ke sanyawa da kanta gwargwadon abin da na'urorinta ke gani. Kashin farko ba ya motsi sai an taɓa shi. Mai tasha zai rubuta KAI TSAYE da manyan baƙaƙe a take, ya zana jan ɗigo a jikin hoto, a gama shirin ya manta bai goge ba, rubutun ya zauna shekara da shekaru. Kashi na biyu shi ne abin dogaro, saboda yana sauyawa da kansa da zarar hali ya sauya. Yawancin wayoyi da Turanci suke nuna waɗannan alamomi, don haka a nan za a kawo su yadda suke fitowa a fuskar waya.

A ɗauki misalin tafsirin azumi da wata tasha a Kano ta tsara farawa da ƙarfe 4:00 na yamma. Wanda ya buɗe linkin da hantsi zai tarar da hoto a tsaye, ba motsi, ba sauti. A jikinsa akwai rubutu irin `Live in 5 hours` tare da rana da lokaci, da maɓallin `Notify me` na neman a tunatar da mutum idan an fara. A inda aka saba ganin adadin waɗanda suka kalla, za a ga adadin masu jira, kamar `12 waiting`, sannan a wurin kwanan wata an rubuta `Scheduled for`. A jerin bidiyoyin tashar kuwa, kusurwar hoton da ke nuna tsawon bidiyo tana ɗauke da `Upcoming`, domin abin da ba a yi ba tukuna ba shi da tsawo. Akwatin hira yakan kasance a buɗe tun a wannan mataki, mutane na ta sallama da addu'a, kuma wannan kan sa wasu su ɗauka an fara amma wayarsu ce ta ƙi buɗewa. Hira ba shaida ba ce.

Lokacin da YouTube ke nunawa yana bin agogon wayar mai kallo. Wannan tafsiri na ƙarfe 4:00 zai fito da 4:00 a Maraɗi da Injamena da Garwa, tunda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru agogonsu ɗaya. A Kumasi zai fito da 3:00, a Khartoum da 5:00, a Makka da 6:00. Amma "ƙarfe 4" da mai tasha ya rubuta a take ko a hoto yana nan yadda yake ga kowa. Mutumin Zangon Kumasi da ya bi rubutun hoto ya jira ƙarfe 4:00 nasa zai tarar an yi awa guda ana karatu.

Ƙarfe 4:00 ta yi, ba lallai a fara ba. Lokacin da aka tsara alkawari ne kawai, na'ura ba ta fara watsawa sai mai tasha ya turo hoto. Idan wuta ta ɗauke ko sabis ya yi rauni a masallacin, fuskar bidiyon takan koma `Waiting for` sai sunan tashar ya biyo baya. Wannan har yanzu matakin jira ne. Akwai shirye-shiryen da aka tsara aka fasa, ba a goge su ba, suna nan suna "jira" watanni bayan ranar ta wuce. Idan kwanan watan da ke gaban `Scheduled for` ya shuɗe da nisa kuma masu jira ba su wuce ɗaya ko biyu ba, shirin ya mutu a tsaye.

Da an fara, alamomi da dama kan juya lokaci guda. Jan tambarin `LIVE` ya hau kusurwar hoton, jan zobe kan kewaye hoton tashar, adadin masu jira ya koma `watching now`, kwanan wata kuma ya koma irin `Started streaming 20 minutes ago`. Mafi ƙarfi a cikinsu shi ne `watching now`. Wannan adadi na waɗanda ke kallo ne a wannan daƙiƙar, yana hawa yana sauka, saɓanin `views` wanda jimilla ce ta duk waɗanda suka taɓa buɗewa. Alama ta biyu ita ce rashin ƙarshe: bidiyon da aka gama yana nuna inda ake da kuma tsawonsa gaba ɗaya, misali 12:40 daga cikin 1:35:10, shi kuwa na kai tsaye ba shi da lamba ta biyu.

Ana iya kasancewa cikin shirin kai tsaye alhali ana baya. YouTube na barin mai kallo ya ja baya har zuwa awa 12, idan mai tasha bai kashe wannan dama ba. Wanda ya tsayar da bidiyo ya tafi alwala, ko sabis ya riƙe shi na ɗan lokaci, idan ya dawo yakan ci gaba ne daga inda ya tsaya. Ana gane wannan daga ɗan ɗigon da ke gefen kalmar `Live` a ƙasan bidiyon. Idan ja ne, mutum na tare da jama'a. Idan ya koma ruwan toka, an bar shi a baya, kuma taɓa kalmar sau ɗaya zai kai shi inda ake. Ko da ɗigon ja ne ma akwai jinkiri na daƙiƙoƙi tsakanin masallaci da waya, wani lokaci har kusan rabin minti. Saboda haka bai dace a ɗora buɗa-baki a kan kiran sallar da aka ji a bidiyo ba, balle idan daga wani gari ake watso shi.

Bayan an shafa fatiha mai tasha ya rufe, jan tambarin ya sauka, tsawon bidiyon ya bayyana, `watching now` ya koma `views`. Kwanan wata kuma ya zama `Streamed live on` tare da ranar, ko `Streamed 3 hours ago`. Kalmar da ta fi yaudarar mutane ke nan, domin ido na hango `live` a cikinta ya tsaya. Ma'anarta an watsa kai tsaye a can baya, an gama. Haka nan akwatin hira kan ci gaba da gudana kamar mutane na nan, amma a samansa an rubuta `Live chat replay`, wato maimaicin hirar da aka yi, kuma babu wurin da sabon mai kallo zai rubuta nasa a cikinta. A sa'o'in farko bayan rufewa dogon bidiyo kan zo a gutsure ko ba tare da hirar ba, saboda ana kan sarrafa shi. Shirin da ya zarce awa 12 kuwa mai yiwuwa ne ba za a ajiye shi ba sam.

Akwai nau'i na huɗu da ke tsakani, wanda YouTube ta shigo da shi a 2018 da sunan `Premiere`. Bidiyo ne da aka ɗauka aka tace tun tuni, sai aka sa masa lokacin da kowa zai fara kallonsa tare. Masu finafinai masu dogon zango da mawaƙa suna yawan amfani da shi. Yana da masu jira, yana da hira, yana da ƙidayar mintuna kafin a fara, amma rubutunsa `Premieres` ne kafin lokaci, `Premiered` bayan an gama. Hirar ta yanzu ce, hoton na da ne.

Wanda ke da kwamfuta kuma yake son tabbaci fiye da ganin ido zai iya buɗe rubutun da ke bayan shafin ta danna `Ctrl+U`, ya nemi kalmar `isLiveNow`. Bidiyon da ake watsawa a lokacin yana ɗauke da wannan:

```
"isLiveNow":true
```

Idan `false` ce, sai a duba kusa da ita. Samun `endTimestamp` na nufin an gama, kuma ga lokacin da aka rufe a rubuce. Idan `startTimestamp` kaɗai ke nan, shirin bai fara ba. Kada a rikita ta da `isLiveContent`, wadda ke zama `true` har bayan an gama, domin asalin bidiyon take bayyanawa.

Duk waɗannan alamomi suna da iyaka guda wadda ya kamata a riƙe da kyau. Jan tambarin `LIVE` na shaida cewa wata na'ura tana turo hoto zuwa YouTube a yanzu. Ba ya shaida cewa abin da ke cikin hoton yanzu yake faruwa. Mutum na iya ɗaukar tsohon faifan sallar tarawihi ta Harami, ko wasan ƙwallon bara, ya riƙa juya shi dare da rana, kuma duk alamomin za su nuna kai tsaye ba tare da sun yi ƙarya ba. 'Yan damfara sun yi amfani da wannan sosai tun daga wajen 2020, inda suke sace tashoshi masu mabiya da yawa, su sauya musu suna, su watsa tsofaffin hirarrakin Elon Musk tare da alkawarin ninka wa mutane kuɗin kirifto idan sun tura.

A irin wannan hali sai a koma ga abin da ke cikin hoton. Makka na gaban Najeriya da awa 2, don haka idan ƙarfe 8:00 na dare ne a Zariya kuma ana ganin rana tsaka a filin ɗawafi, tsohon faifai ne. `Started streaming` da ke nuna makonni a kan taron da bai wuce awa 2 ba shi ma ya isa hujja, ko da yake akwai tashoshi na gaskiya da ba sa rufewa, irin na Haramin Makka da Madina da na gidajen labarai. Sai a duba ko mai magana yana amsa abin da ake rubutawa a hira, ko an rufe hirar gaba ɗaya an bar saƙo ɗaya mai neman kuɗi a sama. A ƙarshe a shiga tashar kanta a ga tsofaffin bidiyoyinta: tashar da ke ɗauke da sunan babban kamfani amma bidiyoyinta na baya na girke-girke ne, ko babu su sam, tasha ce da aka sace ko aka buɗe jiya.