Mayonez ɗin Gida: Awa Nawa Yake Yi Kafin Ya Zama Cuta?

A garuruwanmu irin su Yamai da Maraɗi da Damagaram, da wuya a yi suna ko walima a yau ba a kawo faranti na salati da aka lulluɓe da mayonez ba. Mata da dama sun ƙware wajen haɗa nasu a gida, domin ya fi na kwalba daɗi, ya kuma fi shi araha. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: daga lokacin da aka fasa ƙwai zuwa lokacin da aka kai loma baki, awa nawa ya kamata a ɗauka?

Amsar a taƙaice ita ce: mayonez na ɗanyen ƙwai abincin yini guda ne idan yana cikin firigo, abincin awa ɗaya ne idan yana waje a lokacin zafi. Ga dalilin haka.

Daga ina cutar take fitowa?

Mayonez ba wani abu ba ne illa gwaiduwar ƙwai da aka kaɗa da mai, aka ƙara binegar ko ruwan lemun tsami da gishiri, wani lokaci da mutardi. Gwaiduwar ce take riƙe mai da ruwa wuri guda har su yi kauri. Tun daga farko har ƙarshe babu inda wuta ta taɓa shi, saboda haka duk abin da ƙwan ya zo da shi yana nan da ransa a cikin kwano.

Abin da ake gudu shi ne wata ƙwayar cuta da ake kira salmonela, wadda take zaune a hanjin kaji ba tare da kazar ta nuna alamar ciwo ba. Ta hanya biyu take isa ga ƙwai. Ta farko ita ce ɓawo, wanda kashin kaza yake taɓawa. Idan aka fasa ƙwan a bakin kwano, ko aka yi ta juya gwaiduwa tsakanin ɓawo biyu don a raba ta da farin, ƙwayar sai ta samu shiga. Ta biyu kuwa ta fi wuyar ganewa: akwai nau'in salmonela da yake kama mahaifar kaza, ya shiga cikin ƙwan tun kafin ɓawo ya rufe shi. Irin wannan ƙwai fes yake a ido, babu tsaga, babu wari. Ƙwan kazar gida da na gidan gona da na zabi duk suna iya ɗauke da ita.

Ba kowane ƙwai ne yake da cutar ba; mafi yawansu lafiya lau suke. Wannan ne ya sa mace takan yi shekaru tana haɗa mayonez ba a taɓa jin kowa ya yi ciwo ba, har ta saki jiki. Amma babu mai iya nuna ƙwan da yake da ita. Jefa shi cikin ruwa a ga ko zai nutse yana nuna tsufansa ne kawai, ba ya nuna ƙwayar cuta.

Misali daga ranar suna

Mu ɗauki misalin gidan da ake suna a watan Afrilu, lokacin da zafi yakan zarce digiri 40. Da ƙarfe 7 na safe uwargida ta fasa ƙwai 6 ta haɗa mayonez. Nan take aka cuɗa shi da dafaffen dankalin turawa da karoti da yankakken dafaffen ƙwai, aka rufe babbar roba, aka ajiye a ɗaki har baƙi su taru. Mu ƙaddara ɗaya daga cikin ƙwan shida ya zo da ƙwayoyin salmonela 10 kacal.

Salmonela ta fi jin daɗin ɗumi irin na jikin mutum, wajen digiri 37, kuma idan ta samu abinci mai laima takan ninka yawanta cikin ƙasa da rabin awa. Mu yi lissafi da rabin awar. Da ƙarfe 8 guda 10 ɗin nan sun zama 40. Da ƙarfe 9 sun zama 160. Da ƙarfe 11 sun kai 2,560. Da ƙarfe 1 na rana, sa'ad da aka fara rabon abinci, sun haura 40,000. Ragowar da aka bar wa yara zuwa ƙarfe 3 kuwa ta haura 600,000. Ƙwai ɗaya ne ya kawo cutar, amma kaɗawa ta raba ta ko'ina cikin robar, kowane faranti ya samu rabonsa.

Abin lura shi ne, har zuwa wannan lokaci salatin bai canza launi ba, bai yi wari ba, ɗanɗanonsa yana nan. Ƙwayoyin da suke ruɓar da abinci daban, salmonela daban. Don haka hanci da harshe ba alƙalai ba ne a wannan shari'a; agogo ne alƙali. Haka nan mayonez da ya tsinke, mai ya taso sama, kuskuren kaɗawa ne ko zafi, ba shaidar cuta ba. Wanda ya yi kauri sumul ma ba shaidar lafiya ba ne.

To, lemun tsamin fa?

Wata za ta ce ai tana matsa lemun tsami, tsami kuma yana kashe cuta. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Mayonez na kwalba yana daɗewa ne saboda abu biyu: a masana'anta ana gasa ruwan ƙwan da zafin da yake kashe ƙwayoyin cuta ba tare da ya dafe ba, sa'an nan ana zuba binegar da awo har tsamin ya kai matakin da salmonela ba ta iya rayuwa. A gida kuwa da harshe ake awo, ana tsayawa inda daɗi ya tsaya, kuma sau da yawa wannan tsamin bai isa ba. Ko da ya isa, ba nan take yake kashewa ba, sai ya ɗauki kwanaki.

Sa'an nan da zarar an cuɗa mayonez da dankali ko kaza ko kifi ko taliya, waɗannan sai su shanye tsamin, ƙwayar cuta ta samu wurin yaɗuwa a jikinsu. Shi ya sa salatin da aka riga aka haɗa ya fi mayonez zalla saurin zama haɗari.

Ƙa'idar lokaci

Hukumar kula da lafiyar abinci ta Faransa, Anses, ta ba da shawarar cewa duk abin da aka haɗa da ɗanyen ƙwai ba a dafa ba, a ci shi nan take, ko a sa shi a sanyi a cinye cikin awa 24. Sanyin da ake nufi shi ne digiri 4, wato can cikin firigo, ba a jikin ƙofar da ake yawan buɗewa ba. A sani cewa sanyi ba ya kashe salmonela, hana ta ƙaruwa kawai yake yi. Ko daskarewa ba ta gamawa da ita.

A wajen firigo, iyakar da masana lafiyar abinci suka sanya ita ce awa 2, idan kuma zafi ya wuce digiri 32 sai ta koma awa 1. A yawancin watannin shekara, ta biyun ce tamu. Kuma lokacin taruwa yake yi: minti 40 a kan tebur da rana, da wasu 40 da dare, sun riga sun zarce awa guda. Idan aka ɗauke wuta, firigon da ba a buɗe ba yakan riƙe sanyinsa kimanin awa 4; in aka wuce haka, mayonez ɗin da ke ciki ya tashi daga aiki.

A watan azumi a kiyaye musamman. Wanda aka haɗa bayan la'asar aka bari a waje har magariba ya wuce iyaka, balle a ce a kai shi sahur. Mai gudun almubazzaranci, maganinsa shi ne ya haɗa kaɗan: gwaiduwa ɗaya tana ɗaukar kusan rabin kofi na mai ko fiye, kuma ta ishi iyali a zama ɗaya.

Wannan damuwa ba tamu kaɗai ba ce. A ƙasar Indiya mai zafi irin namu, jihar Kerala ta hana gidajen abinci amfani da mayonez na ɗanyen ƙwai a watan Janairun 2023, jihar Telangana ta bi sahu a watan Oktoban 2024, bayan an samu mutanen da abinci ya kwantar. Saboda haka idan mai sayar da burodi da ƙwai ko shawarma ya ɗebo mayonez daga robar da ta yini a kan tebur, ba laifi ba ne a tambaye shi ko na kwalba ne.

Yadda za a haɗa shi ba da ɗanyen ƙwai ba

Akwai hanyar da ake dafa gwaiduwar ba tare da an rasa kaurin ba. A zuba gwaiduwa 2 a ƙaramar tukunya, da babban cokali 2 na binegar ko ruwan lemun tsami, da babban cokali 2 na ruwa, da ɗan gishiri. A ɗora a kan wuta ƙasa ƙasa, ana juyawa ba tsayawa. Ruwan da tsamin su ne suke hana gwaiduwar dunƙulewa. Idan haɗin ya yi kauri har ya manne a bayan cokali, aka ga ya fara ɓulɓulowa a wuri ɗaya ko biyu, to ya kai wajen digiri 71, zafin da yake kashe salmonela. A sauke, a bar shi minti 4, a tsoma gindin tukunyar cikin ruwan sanyi ya huce. Daga nan sai a riƙa ɗiga mai kofi 1 sannu sannu ana kaɗawa, kamar yadda aka saba. Idan aka ga gudaji kamar wainar ƙwai, wutar ce ta yi yawa; a sake sabo.

Wadda take son mafi sauƙi, ta dafa ƙwai ya yi tauri, ta murje gwaiduwar da mutardi da binegar, ta kaɗa da mai. Ba zai yi laushin na ɗanye ba, amma ya dace da salati. Shi ma wannan a firigo yake kwana, a cinye shi cikin kwana biyu. Ranar taro kuwa, a ajiye kayan salati daban, mayonez daban a cikin sanyi, kada a haɗa su sai za a raba.

Wa ya kamata ya ƙaurace masa?

Ƙananan yara, da mata masu juna biyu, da tsofaffi, da waɗanda doguwar jinya ta raunana, kada a ba su mayonez na ɗanyen ƙwai ko da yanzu aka haɗa shi. A jikinsu cutar ta fi tsanani.

Alamominta su ne ciwon ciki da zawo da masassara, wani lokaci da amai. Bisa bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya, sukan bayyana tsakanin awa 6 zuwa 72 bayan cin abincin, galibi awa 12 zuwa 36, su ɗauki kwana 2 zuwa 7. Wannan jinkiri ne yake sa a ɗora wa tuwon daren jiya laifi, alhali salatin shekaranjiya ne. Idan mutane da yawa da suka ci daga roba ɗaya suka kwanta a tsakanin yini ɗaya ko biyu, a tuna da ita.

Abu na farko shi ne mayar wa jiki ruwan da ya rasa: a narkar da ƙunshi ɗaya na gishirin zawo da ake samu a asibiti cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa bayarwa kaɗan kaɗan, mai shayarwa kuma ta ci gaba da ba da nono. Kada a sayi ƙwayoyin magani a bakin hanya. Idan aka ga jini a bayan gida, ko idanun yaro sun faɗa, ko ya kasa sha, ko fitsari ya ɗauke, ko masassara ta yi zafi, a garzaya asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba.

Uwargida, ranar da kika haɗa mayonez, ki dubi agogo kafin ki rufe kwanon. Allah Ya ba mu lafiya, mu da iyalanmu baki ɗaya.