Karatu a Jamus: Yadda Ake Lissafin Kuɗin Zango Guda Kafin A Ɗaura Kaya

Da zarar an ambaci karatun jami'a a Jamus, abin da ake fara ji a bakin matasa shi ne, "Ai can karatu kyauta ne." Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin yawancin jami'o'in gwamnatin ƙasar ba sa karɓar kuɗin koyarwa, ko daga ɗan ƙasa ko daga baƙo. Amma ɗaki da abinci da magani da jirgi duk sai an biya, kuma iyaye da yawa ba sa gane nauyin abin sai yaro ya riga ya sauka ya fara bugo waya. Shi ya sa ya kamata a zauna da biro da takarda tun kafin a nemi biza, a fitar da kuɗin zango guda dalla-dalla.

Abu na farko shi ne a san tsawon zangon. A yawancin jami'o'in Jamus zangon hunturu yana farawa ne ranar 1 ga Oktoba ya ƙare 31 ga Maris, na bazara kuma daga 1 ga Afrilu zuwa 30 ga Satumba. Kowanne wata shida ne cur. Shiga aji ba ya wuce wata uku da rabi zuwa huɗu, amma sauran lokacin na jarrabawa ne da rubuce-rubuce, kuma mai gida ba ya ɗaga haya don an yi hutu. Wanda ya yi lissafin wata huɗu ya bar ramin wata biyu a kasafinsa tun bai tashi ba.

Abu na biyu, a raba kuɗin gida uku: wanda ake biya sau ɗaya a kowane zango, wanda ake biya duk wata, da wanda ake biya sau ɗaya tak lokacin zuwa. Kuma a yi lissafin da Yuro, sai an gama a juya shi zuwa kuɗin gida. Mu ɗauki misalin wata ɗaliba mai shekara 24 da ta sami gurbin digiri na biyu a jami'ar gwamnati a jihar Nordrhein-Westfalen, inda garuruwa irin su Bochum da Dortmund suke. Alƙaluman da doka ta yanke za a faɗe su yadda suke, sauran kuwa kiyasi ne na tsaka-tsaki da kowa zai musanya da na garin da za shi.

A wannan jiha ba a biyan kuɗin koyarwa. Abin da ake biya shi ne kuɗin rajistar zango, wanda a takardun jami'a za a ga an rubuta Semesterbeitrag. Da shi ake tafiyar da ɗakin cin abinci da gidajen kwanan ɗalibai da ƙungiyar ɗalibai, kuma a jami'o'i da yawa har tikitin bas da jirgin ƙasa na wata shida yana ciki. Ya danganta da jami'a, daga kimanin Yuro 100 zuwa 400. Ɗalibarmu mu sa mata 350. Wanda bai biya a kan kari ba ana iya soke sunansa daga rajista, kuma izinin zamansa a ƙasar a kan wannan rajistar ya rataya.

Sai dai ba ko'ina ne babu kuɗin koyarwa ba. Tun zangon hunturu na 2017, jihar Baden-Württemberg, inda jami'o'in Stuttgart da Heidelberg da Freiburg suke, tana karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da suka fito daga wajen Tarayyar Turai. Jami'ar Fasaha ta Munich ma ta fara karɓa daga zangon hunturu na 2024, daga Yuro 2,000 har zuwa 6,000 gwargwadon kwas da matakin digiri. Jami'o'i masu zaman kansu kuwa dama da kuɗi suke. Saboda haka tambayar da za a yi ita ce wace jami'a, a wace jiha, wane kwas.

Littattafai su ne suka fi sauƙi. Ɗakunan karatu na jami'o'in suna ba da aron littattafan kwas, malamai kuma suna ɗora darussansu a shafin jami'a. Yuro 120 zai ishi yawancin ɗalibai sayen littafi ɗaya ko biyu da buga takardu. Mai karatun zanen gine-gine ko likitancin haƙori ya ƙara sosai, domin kayan aiki yake saye. Kashi na farko ke nan ya tashi Yuro 470.

Kashi na biyu ne ke cin kuɗi, kuma haya ce babbarsa. Ɗaki a gidan kwanan ɗalibai ya fi araha, sau da yawa Yuro 250 zuwa 350, amma masu nema sun fi ɗakunan yawa, har akan yi zango ɗaya ko biyu ana jiran layi. Wanda bai samu ba sai ya kama ɗaki a gidan haɗaka, inda mutum uku ko huɗu ke tarayya a kicin da banɗaki. Irin wannan ɗaki a Munich yakan haura Yuro 700, alhali a garuruwan gabas irin su Chemnitz ana samu da ƙasa da rabin haka. A tallar gida kuma akwai kalmomi biyu da dole a bambance. Kaltmiete haya ce tsurarta. Warmmiete ita ce hayar da aka haɗa da ɗumama ɗaki da ruwa da kwasar shara, kuma ita ce ainihin abin da zai fita daga aljihu. Ko ita ma wani lokaci babu lantarki da intanet a ciki, sai an tambaya. Mu ce ɗalibarmu ta sami ɗaki a 320, da sauran caje-caje ya zama 400.

Bayan haya sai inshorar lafiya, wadda tilas ce, domin ba a yi wa ɗalibi rajista sai da shaidarta. Ga wanda bai kai shekara 30 ba akwai farashin ɗalibai, wajen Yuro 140 a wata. Da ya cika 30 wannan rangwame ya ƙare, abin da ya kamata masu zuwa digiri na biyu bayan sun yi aiki su lura da shi. Abinci, idan ɗalibar tana girki da kanta tana kuma ci a ɗakin cin abincin jami'a jefi-jefi, mu sa 230. Naman halal ana samunsa a shagunan Turkawa da Larabawa a kusan kowane babban gari. Akwai kuma harajin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a wata kan kowane gida, ko da akwati ko babu, sai dai mazauna gidan haɗaka raba shi suke yi. Idan aka haɗa shi da katin waya, 35. Wanki da sabulu da sutura da ƙananan buƙatu, 75. Jimillar wata ɗaya ta zama Yuro 880, sau shida kuma 5,280.

Kashi na uku shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ke sa zangon farko ya fi kowanne tsada. Tikitin jirgi mu ce 700. Biza Yuro 75 ce, katin izinin zama da ake karɓa bayan isa kuma wajen 100. Mai gida zai nemi kuɗin jingina, wanda doka ta ce kada ya wuce hayar wata uku tsurarta, kuma ta yarda a biya shi kashi uku. Idan na wata biyu aka nema, 640 ke nan, kuma ba za a sake ganinsa ba sai an tashi daga ɗakin. Buɗe asusun ajiya na biza mu sa 120. Bargo da tukwane da rigar sanyi da takalmin hunturu, 300. Wannan kashi ya kama Yuro 1,935.

Idan aka tara 470 da 5,280 da 1,935, an sami Yuro 7,685. A ɗora kashi goma cikin ɗari na ko-ta-kwana, wato wajen 770, saboda kwanan otal kafin a sami ɗaki, ko cikon kuɗin ɗumama da mai gida kan aiko da shi a ƙarshen shekara. Zangon farko ya tsaya a Yuro 8,455. Na biyu, da yake babu kuɗin zuwa, zai sauko wajen 6,325. Da a Stuttgart ɗalibar take, sai a ƙara 1,500 a kan kowanne.

A nan ne ake yin babban kuskure. Kafin a ba da biza, hukumomin Jamus suna neman shaidar cewa ɗalibi zai iya riƙe kansa shekara guda, kuma hanyar da aka fi bi ita ce zuba kuɗi a wani kullallen asusu da ake kira Sperrkonto. Tun Satumbar 2024 adadin Yuro 11,904 ne, kuma 992 kawai ake saki duk wata. Akan sauya wannan adadi lokaci-lokaci, don haka a duba shafin ofishin jakadanci. Iyaye da yawa suna ɗauka da an cika asusun an gama. To amma 992 sau shida 5,952 ne, zangon farko kuwa 8,455 yake nema. Akwai giɓin kusan Yuro 2,500 da dole ya fito daga wani wuri. Ƙari a kan haka, ba a fara sakin kuɗin sai ɗalibi ya isa ya buɗe asusun banki na yau da kullum, abin da kan ɗauki makonni, alhali haya da jingina a makon farko ake nemansu. Abin da ya kamata ya kasance a hannu kafin tafiya ya kusa Yuro 14,400.

Sai maganar canji. Ga iyalai a Nijar da Kamaru da Chadi lissafin a tsaye yake, domin sefa a ɗaure take da Yuro a kan 655.957, wato zangon farko zai kama kimanin sefa miliyan biyar da rabi. A Najeriya abin ya sha bamban. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ke wajen 460 a banki ta haura 1,500 a farkon 2024, ɗalibai da dama a ƙasashen waje suka shiga tsaka mai wuya. A misalinmu, idan Yuro yana naira 1,700, zangon farko miliyan 14.4 ne. Idan ya koma 1,900, ya zama miliyan 16.1, ba tare da an ƙara ko sisi a Jamus ba. Don haka mai biya da naira ya yi lissafi da farashin da ya ɗara na yau, kuma ya sayi Yuro da zarar kuɗi sun shigo hannu.

Wasu za su ce ai yaron zai yi aiki. Tun Maris na 2024 doka ta ba ɗalibi baƙo damar aikin yini 140 cikakku ko rabin yini 280 a shekara, kuma hakan yana taimakawa ƙwarai daga baya. Amma sabon zuwa da bai iya Jamusanci ba, yana fama da sanyi da sabon tsarin karatu, ba lalle ne ya sami aiki a watannin farko ba. Ba a ɗora tukunya don kifin da ke cikin ruwa, saboda haka a bar gurbin albashi fayau a kasafin zangon farko.

Iyaye da ɗalibai, ku samo ainihin kuɗin rajista daga shafin jami'ar, ku nemi ɗakin kwanan ɗalibai ranar da takardar gurbi ta iso, kada kuma ku tura wa kowa kuɗin jingina kafin a ga ɗaki a sa hannu a yarjejeniya. Idan lissafi ya nuna kuɗin bai kai ba, a sauya gari zuwa mai arahar haya, ko a jinkirta tafiyar zuwa zango na gaba. Jinkirin wata shida a gida ya fi sauƙi a kan dawowa babu digiri.