Abin da Ke Sa Taron Jama'a Ya Tsaya Kallo a Wurin Haɗari

Idan babur ya kaɗe mutum a bakin kasuwar Kafanchan ko a kan hanyar Kagoro, jama'a kan taru nan take, amma a daɗe ba a sami wanda ya sunkuya ya ɗauke shi ba. Akan ce rashin imani ne. Masana halayyar ɗan Adam kuwa sun gano cewa yawan masu kallon ne ke rage wa kowannensu jin cewa nauyin a wuyansa yake.

Binciken ya samo asali ne daga kisan Kitty Genovese a birnin New York a 1964. Jarida ta ruwaito cewa mutum 38 sun shaida lamarin ba su taimaka ba. Daga baya an tabbatar akwai zuzutawa a labarin, amma shi ya sa John Darley da Bibb Latané suka shirya gwajinsu na 1968.

Sun zaunar da kowane ɗalibi shi kaɗai a ɗaki, suka ce zai tattauna da wasu ta na'urar magana. A gaskiya duk muryoyin da yake ji naɗaɗɗu ne. Ana cikin hira sai murya ɗaya ta fara sarƙewa kamar mai farfaɗiya, tana neman agaji. Babban abin da aka riƙa sauyawa shi ne adadin mutanen da ɗalibin ke zaton suna saurare tare da shi. Tun da ba ya ganin kowa, ba za a ce kwaikwayon wasu ya yi ba.

Cikin waɗanda suka ɗauka su kaɗai ke ji, kashi 85 cikin ɗari sun fita neman taimako kafin muryar ta yanke. Da aka ƙara mai saurare ɗaya, adadin ya koma 62. Da masu sauraren suka zama huɗu, ya sauka zuwa 31. Waɗanda ba su fita ba an tarar da su cikin damuwa, ba halin ko-in-kula ba. Sun kasa yanke shawara ne.

Sai dai sakamakon yana da iyaka. Wani nazari na 2019 kan bidiyon rigingimu 219 daga Birtaniya da Holan da Afirka ta Kudu ya nuna cewa a tara cikin goma wani ya shiga tsakani. Wato yiwuwar kowane mutum ɗaya ya motsa tana raguwa, amma taro babba bai cika rasa mai motsawa ba.

A Nijeriya akwai kuma fargabar a riƙe mai taimako a matsayin wanda ake zargi, abin da dokar 2017 kan jinyar waɗanda aka harba ta hana.

Maganin rarrabuwar nauyi shi ne a ɗora shi kan mutum ɗaya. Maimakon "jama'a a taimaka", a nuna wani a ce: "Malam mai farar hula, kira 122, lambar hukumar kiyaye haɗurra." A ce wa wani ya tare mota.