Bambance ƙwayar furokariyot da ta yukariyot a zanen jarrabawar bayoloji

Duk mai rai, daga ƙwayar cutar kwalara zuwa itacen kuka, an gina jikinsa ne da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Masana bayoloji sun kasa waɗannan ƙwayoyi gida biyu. Kashi na farko shi ne furokariyot, wanda ya ƙunshi bakteriya da wasu 'yan uwanta da ake kira arkiya. Kashi na biyu shi ne yukariyot, wanda ya haɗa ƙwayoyin jikin dabbobi, da tsirrai, da dangin naman kaza da yis, da kuma ƙananan halittun ruwa irin su amiba. A jarrabawar sakandare, kamar WAEC da NECO, ana iya ba ɗalibi zanen ƙwaya guda da aka ja wa layuka, kowane layi da lamba ko suna a ƙarshensa, a ce ya faɗi kashin da take ciki, ya kuma kawo hujja daga zanen.

Abin da ya raba kashin biyu yana wurin da aka ajiye DNA, wato sinadarin gado da ke ɗauke da umarnin rayuwar ƙwayar. A yukariyot an killace shi cikin wani ƙunshi mai suna nukiliyas, wanda tantani mai ninki biyu ya kewaye. A furokariyot babu wannan tantani. DNA ɗinta zare ne guda mai kama da zobe, a cukuikuye yake zaune a cikin ruwan ƙwayar, kuma wurin da ya taru ana kiransa nukiliyoyid. Ana iya kwatanta furokariyot da rumfa mai ɗaki ɗaya inda girki da ajiya da kwana duk a fili guda ake yinsu, yukariyot kuwa gida ne da aka yanka ɗakuna, kowane aiki da ɗakinsa.

Saboda haka wurin da ido ya kamata ya fara sauka shi ne tsakiyar zanen. Idan akwai wani babban da'ira da aka rufe da layi, sau da yawa layi biyu kusa da juna masu 'yan ƙofofi, a cikinsa kuma da wani ɗigo mai duhu, to nukiliyas ne, kuma ƙwayar yukariyot ce. Idan kuwa abin da ke tsakiya wani zare ne a murɗe, ba layin da ya kewaye shi, to furokariyot ce. A nan ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, domin mai zane yakan sa zaren ya taru wuri ɗaya har ya yi kama da dunƙule, mai gaggawa kuma sai ya rubuta nukiliyas. Abin dubawa shi ne gefen dunƙulen: akwai shinge ko babu. A ƙwayar tsiro kuma nukiliyas ba ya cika zama a tsakiya, domin wata babbar jakar ruwa mai suna bakiyul takan ture shi zuwa gefe, don haka sai an bi bango an neme shi.

Hujja ta biyu ita ce sauran ɗakunan da tantani ya kewaye. Mafi saurin ganewa shi ne maitokondiriya, inda ƙwaya ke fitar da kuzari daga abinci. Ana zana shi a dogo mai zagayayyen kai, da layi biyu, na cikin yana lanƙwasawa yana shiga ciki kamar kantoci. Sai kulorofilas na ƙwayar tsiro, wanda a cikinsa ake nuna 'yan faifai a jere, wani bisa wani. Akwai kuma jikin Golgi, da ake zanawa kamar jakunkuna shimfiɗaɗɗu da aka ɗora kan juna. Ganin ɗaya kacal daga cikin waɗannan ya isa a yanke hukunci, ko da ba a nuna nukiliyas ba, domin furokariyot ba ta da ko ɗaya. Cikinta a zane yakan zama fili, ba komai sai zaren DNA, da ɗige-ɗige, wani lokaci da 'yan ƙananan zobba da ake kira filasmid.

Waɗannan ɗige-ɗige su ne raibosom, inda ake haɗa furotin. Ba a kafa hujja da samuwarsu, domin kashin biyu duk suna da su, kamar yadda duk suke da tantanin waje da ruwan ciki da DNA. Bambancin raibosom na girma ne: na furokariyot 70S, na ruwan ƙwayar yukariyot 80S. Zane ba ya nuna wannan sai in an rubuta lambar a gefe, amma idan an rubuta, hujja ce mai ƙarfi.

Abubuwan da ke wajen ƙwayar su ne suka fi yaudara, kuma masu shirya tambaya sun san haka. Bango shi ne na farko. Yawancin bakteriya na da bango, amma ƙwayar tsiro ma tana da shi, haka ta yis. Abin da aka gina bangon da shi ne ya bambanta: na bakteriya feftidogilaikan ne, na tsiro selulos, na dangin naman kaza kuma kaitin. Wanda ya ga bango ya ce furokariyot zai faɗi idan zanen na ƙwayar fatar albasa ne. Na biyu shi ne wutsiyar iyo, wato filajelom. Ana yawan zana bakteriya da ita, amma yugilina, halittar ruwa mai ƙwaya ɗaya, tana da ita, haka ma maniyyin ɗan Adam, kuma dukansu yukariyot ne. Abin da ya fi karkata ga bakteriya shi ne kafsul, wani kauri mai yauƙi a bayan bango, da 'yan gajerun gashi masu yawa da ake kira filai. Ko su ma sun fi kyau a matsayin ƙarin hujja bayan an duba cikin ƙwayar, domin ba kowace bakteriya ke da su ba.

Zama ƙwaya ɗaya tilo ma ba shaida ba ce. Amiba da faramisiyam da yis kowannensu ƙwaya ɗaya ce mai zaman kanta, amma duk suna da nukiliyas. Launin kore shi ma yana ruɗarwa. Sayanobakteriya, wadda tsoffin littattafai ke kira gansakuka mai shuɗi da kore, tana haɗa abincinta da hasken rana kamar tsiro, tana da kulorofil, amma ba ta da kulorofilas. Kulorofil ɗinta yana kan wasu tantanai ne da ke shimfiɗe a cikin ruwan ƙwayar, ba a cikin rufaffen ɗaki ba, don haka furokariyot ce. Akwai kuma jar ƙwayar jinin ɗan Adam, wadda take zubar da nukiliyas ɗinta yayin da ta balaga. Rashinsa bai mai da ita furokariyot ba, tun da daga ƙwaya mai nukiliyas ta fito, kuma zanenta ba zai nuna bango ko zaren DNA ba. Bairos kuwa ba ya cikin kowane kashi, domin shi ba ƙwayar halitta ba ne.

Girma ma hujja ne, amma sai an yi lissafi, domin a takarda ana zana kowace ƙwaya yadda za ta cika wurin da aka ba ta. Ana auna ƙwayoyi da maikuromita, wato kashi ɗaya cikin 1000 na milimita. Yawancin bakteriya suna tsakanin maikuromita 1 zuwa 5, yawancin ƙwayoyin dabba da tsiro kuwa tsakanin 10 zuwa 100. Idan an rubuta yawan ninkin da aka ƙara wa zanen, ana samun girman gaskiya ta raba tsawon zanen da wannan ninki.

A ɗauki misalin zane mai siffar gajeren sanda, da aka rubuta ×30,000 a ƙarƙashinsa, da layuka biyar. Layi na I ya tsaya kan wani kauri a can waje, na II kan layi mai kauri da ke bi masa, na III kan siririn layi a ciki, na IV kan zare a murɗe a tsakiya, na V kan wata doguwar wutsiya. Ana karanta rufin ƙwaya daga waje zuwa ciki, don haka I kafsul ne, II bango, III tantanin ƙwaya. Dole a bi kowane layi da bakin fensir har inda ya tsaya daidai, domin tazarar da ke tsakanin II da III a takarda ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma a nan ake yawan musanya sunaye. Layi na IV ya nuna DNA marar shinge, na V kuma filajelom. Sai a ɗora rula: idan jikin ƙwayar, ban da wutsiya, ya kai milimita 60, an raba da 30,000, za a sami milimita 0.002, wato maikuromita 2. Wannan kusan tsawon bakteriyar hanji ce mai suna Escherichia coli. Amsar ita ce furokariyot, hujjojin da suka fi ƙarfi kuma su ne rashin tantani a kewayen DNA, da rashin maitokondiriya da makamantansa, sai ƙanƙantar ƙwayar. Bango da wutsiya, duk da su ne suka fi fitowa fili a zanen, ba su shiga cikin hujjar ba. Da a ce an canza abu ɗaya, layi na IV ya tsaya kan da'ira mai ninki biyu, kuma lissafin ya ba da maikuromita 50, da hukuncin ya juya gaba ɗaya.

Yadda aka rubuta amsa yana jawo asarar maki ko da an gane ƙwayar. Idan tambaya ta nemi bambancin da ake iya gani a zane, ba a kawo abin da aka haddace wanda zanen bai nuna ba, kamar yadda ƙwayar ke rabuwa ko sinadarin bangonta. Idan an ce a tsara bambanci a jadawali, kowane layi ya yi magana kan abu ɗaya a ɓangarorin biyu: nukiliyas yana fuskantar nukiliyas, girma yana fuskantar girma. Wanda ya rubuta rashin nukiliyas a hagu, ya sa samuwar maitokondiriya a dama, bai kwatanta komai ba. Kuskure ne kuma a rubuta cewa furokariyot ba ta da DNA. Abin da ta rasa shi ne tantanin da zai kewaye shi. Tun da da Turanci ake amsa waɗannan jarrabawa, sai an kiyaye haruffan sunayen kamar yadda suke a littafi, tare da bambanta tilo da jam'i idan layi ya nuna abu ɗaya.

Idan ɗalibin ne aka ce ya yi zanen, fensir mai tsini ake so, da layi guda mai tsabta, ba a yi masa inuwa ba. Layukan suna ana jansu da rula, ba sa ƙetare juna, ba a sa musu kan kibiya, kuma kowanne ya taɓa ainihin abin da yake nunawa. Ana rubuta sunayen a miƙe, a sa wa zanen take, a rubuta ninkin girmansa idan an nema. A zanen bakteriya, a bar zaren DNA a buɗe, kada fensir ya kewaye shi da layi, domin wannan layi ɗaya zai mai da shi nukiliyas a idon mai duba takarda.