Bekin soda da bekin foda: farin gari biyu, aiki daban

Dukansu farin gari ne, a kanti ma kusa da juna ake jera su, shi ya sa masu yin kek da yawa ke ɗaukarsu abu ɗaya. Ba ɗaya ba ne. Bekin soda sinadari ne guda, sodiyam bikabonet. Bekin foda kuwa haɗi ne: akwai sodar a cikinsa, da busasshen sinadari mai tsami, da ɗan sitaci da ke tsotse laima don kada su fara aiki tun suna cikin gwangwani.

Abin da ke sa kek ya tashi iska ce. Idan soda ta gamu da tsami a cikin ruwa, sai su fitar da iskar kabon dayoksaid, ta maƙale cikin kwaɓin, zafin murhu ya faɗaɗa ta. Duk wadda ta taɓa zuba ruwan kanwa a ƙullun masa da ya yi tsami ta ga irin wannan, domin kanwa dangin soda ce: tsamin ya kwanta, ƙullun ya yi kumfa. To, soda ba ta zuwa da tsaminta, sai an ba ta daga nono, ko lemun tsami, ko ayaba da ta nuna sosai. Foda kuwa ya zo da nasa, ruwa kawai yake jira. Wani mai haɗa magunguna a Birmingham ta Ingila, Alfred Bird, shi ya haɗa irinsa a 1843, saboda yis ba ya karɓar jikin matarsa. Yawancin na kasuwa a yau sau biyu yake aiki, kaɗan idan ya jiƙe, sauran idan ya ji wuta.

Ɗaya zai iya maye gurbin ɗaya, amma ba cokali da cokali ba, domin soda ta ninka foda ƙarfi sau uku zuwa huɗu. Abin da aka saba shi ne cokalin shayi ɗaya na foda ga kofin fulawa ɗaya. Idan soda ce, kwatan cokali ya isa.

A ɗauki kek na fulawa kofi biyu da madara kofi ɗaya, wanda ke buƙatar foda cokali biyu, ga shi kuma soda kawai ke gidan. Sai a auna rabin cokali, a tankaɗe ta tare da fulawar don kada ta dunƙule. Madarar nan ba ta da tsamin da za ta ba ta, saboda haka a cire ta, a sa kindirmo kofi ɗaya a madadinta. Idan ya yi kauri, a tsinka shi da ɗan ruwa. A kunna murhu tun kafin a fara kwaɓi, domin da zarar soda ta taɓa kindirmon iska ta fara fita. Kwaɓin da aka ajiye ana jiran gawayi ya kama, a banza zai huce, ya fito a danƙare.

Idan kuwa aka zuba soda cokali biyu kamar yadda za a zuba foda, kek ɗin zai tona asiri da kansa. Bayansa zai yi duhu tun cikinsa bai nuna ba, tsokarsa ta yi rawaya-rawaya da manyan ramuka, wani lokaci ya tashi ya rufta ta tsakiya. A baki kuma ɗanɗanon sabulu ne da ɗaci-ɗaci. Sodar da ba ta sami tsami ba ce zafi ya mayar da ita wani sinadari mai kaifi, kuma babu yawan sukarin da zai rufe shi.

Sa foda a madadin soda ya fi sauƙi, kuma a ganina shi ne musanyar da ba ta cika ba da kunya ba. Inda aka ce soda rabin cokali, a sa foda cokali ɗaya da rabi. Kek zai tashi, sai dai zai fito fari-fari, tsamin nonon kuma zai ɗan rage a baki tunda babu isasshiyar sodar da za ta kashe shi. Dalilin ke nan da wasu girke-girke ke neman duka biyun.

Idan takarda ta ɓace daga jikin roba, a zuba rabin cokali a ruwan ɗumi. Foda zai yi kumfa nan take, soda za ta kwanta shiru sai an matsa mata lemun tsami. Wannan gwajin kuma shi ke nuna fodan da ya mutu: wanda laimar damina ta shiga ya dunƙule, ko an zuba shi a ruwan zafi da ƙyar zai motsa, sai dai a sayo sabo a rufe shi da kyau.