Cakulan da Lambar Nobel: Yadda Ake Karanta Zanen Ɗige-ɗige

A watan Oktoban 2012 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka, New England Journal of Medicine, ta buga gajeriyar maƙala ta Dokta Franz Messerli, likitan zuciya da hawan jini ɗan asalin Switzerland mai aiki a New York. Zane ɗaya ne ƙashin bayan maƙalar, kuma abin da ya nuna shi ne ƙasashen da suka fi shan cakulan su ne suka fi yawan mutanen da suka ci lambar yabo ta Nobel. Kafin a ce kwabo jaridun duniya sun ɗauka, wasu har da kanun da ke nuna cewa cakulan na ƙara basira. Alƙaluman da ke cikin zanen ba na ƙarya ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne hukuncin da aka ɗora a kansu. Shi ya sa wannan zane ya dace da koyon abubuwa biyu a lokaci guda: yadda ake karanta zanen ɗige-ɗige, da yadda ake bambanta abubuwan da ke tafiya tare da abin da ke haddasa wani.

Zanen ɗige-ɗige yana da layuka biyu, ɗaya a kwance a ƙasa, ɗaya a tsaye a gefen hagu, kowanne da ma'auninsa. A zanen Messerli layin kwance yana nuna kilo nawa na cakulan mutum ɗaya yake sha a shekara idan aka raba abin da ƙasar ta sha da yawan jama'arta. Layin tsaye kuma yana nuna adadin waɗanda suka ci Nobel cikin kowane mutum miliyan 10. Kowace ƙasa tana da wurinta ɗaya a tsakanin layukan. Don a gano wurin, sai a bi layin kwance zuwa yawan cakulan ɗin ƙasar, sannan a hau sama daidai adadin Nobel ɗinta, a ɗiga alama. Ƙasashe 23 ya sa, saboda haka alamu 23 ne a zanen.

Tambayar farko da mai karatu zai yi wa kowane zane irin wannan ita ce: ɗigo ɗaya yana wakiltar mene ne? Mutum ne, gari ne, shekara ce, ko ƙasa? A nan ƙasa ce sukutum, kuma wannan amsa za ta yi mana amfani nan gaba. Bayan haka sai a ja da baya kaɗan a kalli ɗigogin gaba ɗaya, a ga ina suka dosa. Idan sun taso daga ƙasa ta hagu suna hawa zuwa sama ta dama, to abubuwan biyu suna ƙaruwa tare. Idan daga sama suke gangarowa, ɗaya na ƙaruwa ne ɗayan na raguwa. Idan kuwa sun bazu ko'ina ba alƙibla, babu wata alaƙa da ido zai kama. A zanen cakulan China tana can ƙasa ta hagu, cakulan kaɗan, Nobel kaɗan in an auna da ɗimbin jama'arta. Switzerland tana can ƙololuwa ta dama. Sauran ƙasashen sun jeru a tsakani suna hawa.

Abu na gaba shi ne ƙarfin alaƙar, wato yadda ɗigogin suka matsu kusa da miƙaƙƙen layi guda. Masana ƙididdiga suna auna wannan da lamba ɗaya da ake rubutawa da harafin r, wadda ke tsakanin -1 da 1. Idan r ta kai 1, dukkan ɗigogin suna kan layi ɗaya mai hawa. Idan -1 ce, suna kan layi mai gangarowa. Idan tana kusa da sifili, babu alaƙa ta miƙaƙƙen layi. Messerli ya samu 0.791, wadda alaƙa ce mai ƙarfi. Sai dai wannan lamba tana da iyaka: miƙaƙƙen layi kaɗai take gani. Inda ɗigogi suka hau sannan suka lanƙwaso ƙasa, r tana iya fitowa kusa da sifili alhali alaƙar tana nan da ƙarfinta. Saboda haka lambar ba ta maye gurbin kallon zanen da ido.

Kallon da ido ne kuma zai nuna ɗigon da ya ware daga 'yan'uwansa. A wannan zane Sweden ce. Mutanenta suna shan kilo 6.4 a shekara, kuma in da ta bi layin da sauran suka bi, kimanin mutum 14 ya kamata ta samu cikin kowane miliyan 10. Amma 32 ta samu, fiye da ninki biyu. Da aka cire ta, r ta hau zuwa 0.862. Ɗigon da ya ware ba abin gogewa ba ne don zane ya yi kyau. Alama ce cewa akwai wani abin da ke aiki wanda zanen bai auna ba. Shi kansa Messerli ya tuna wa masu karatu cewa a Stockholm, babban birnin Sweden, kwamitin bayar da lambar yake zaune.

Wanda ya kawo nan ya karanta zanen daidai, kuma abin da yake da ikon faɗa shi ne: a cikin waɗannan ƙasashe 23, yawan shan cakulan da yawan cin Nobel suna tafiya tare. Bai da ikon cewa ɗaya ne ya jawo ɗayan, domin siffa ɗaya a zane tana iya fitowa ta hanyoyi huɗu. Wataƙila na farko ne ya haifar da na biyu. Wataƙila na biyun ne ya haifar da na farko, kamar yadda za a ga masu shan magani da yawa sun fi rashin lafiya, alhali ciwon ne ya kai su ga maganin. Wataƙila dace ne kawai, musamman idan ɗigogin ba su da yawa ko an gwada abubuwa barkatai har aka samu biyu da suka yi kama. Ko kuma akwai abu na uku a ɓoye da ke tura su duka biyun.

Wannan ta huɗun ita ce ta fi yaudara, kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Shamuwa tana sauka ne da ƙaratowar damina, kuma a damina zuwa kaka ne zazzaɓin cizon sauro yake cika asibitoci. Watannin da ake ganin shamuwa da watannin da zazzaɓi ke tsananta sun fi haɗuwa da juna, amma babu mai hankalin da zai ce a kori shamuwa don a rage zazzaɓi. Ruwan sama ne ya kawo tsuntsuwar, shi ne kuma ya cika kududdufan da sauro ke ƙyanƙyasa.

A batun cakulan, abu na ukun shi ne arziƙi. Cakulan kayan marmari ne, sai mai rarar kuɗi yake saye a kai a kai. Ƙasar da jama'arta ke da wannan rara ita ce kuma ta daɗe tana zuba kuɗi a jami'o'i da ɗakunan bincike, inda akasarin masu cin Nobel suke fitowa. A 2013 wasu masu bincike a Belgium, Pierre Maurage da abokan aikinsa, sun nuna cewa arziƙin ƙasa yana da alaƙa da duka biyun. Sun kuma nuna cewa yawan shagunan IKEA, kamfanin sayar da kujeru da gadaje, shi ma yana tafiya tare da yawan Nobel da ƙarfi irin na cakulan. Da alaƙa kaɗai hujja ce, da sai a ce sayen kujera yana ƙara ilimi.

Ga kuma amfanin tambayar nan ta farko. Ɗigo a zanen ƙasa ce, kuma babu wanda ya auna cakulan ɗin da su masu lambar suka sha. Matsakaicin abin da miliyoyin mutane suka ci bai faɗi komai game da tsirarun masana ba. Haka kuma mafi yawan ƙasashen 23 na Turai ne, babu ko ɗaya daga Afirka, duk da cewa Kwaddibuwa da Ghana su ne kan gaba a noman koko a duniya. Zane ba ya magana a kan wanda ba a sa a cikinsa ba.

Kada wannan ya sa a ɗauka cewa duk alaƙa banza ce. Alaƙa ce ta fara tona asirin taba sigari. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill a Birtaniya suka nuna cewa masu ciwon dajin huhu sun fi sauran marasa lafiya shan taba. Babban masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya yi jayayya da cewa wataƙila abu na uku ne, wani abin gado a jiki da ke sa mutum son taba kuma yake jawo masa ciwon. Jayayyar tana kan ƙa'ida, kuma hujja aka kawo don amsa ta. Daga 1951 Doll da Hill suka fara bibiyar likitoci kimanin 40,000, aka ci gaba da bibiyar har shekara 50. An rubuta yadda kowa yake shan taba tun kafin ciwo ya bayyana, saboda haka an san wanne ya riga wanne. An ga cewa haɗarin yana hawa daidai da yawan karan da mutum ke sha a rana, har na masu sha sosai ya ninka na marasa sha fiye da sau 10. An ga cewa wanda ya daina, haɗarinsa yana yin ƙasa da na wanda ya ci gaba. An kuma gano sinadarai masu haddasa ciwon daji a cikin hayaƙin. Wasu bincike a ƙasashe daban-daban suka zo da sakamako iri ɗaya.

A sa zanen cakulan a wannan ma'auni, zai faɗi tun a matakin farko: ba a bibiyi mutum ko ɗaya ba, ba a san me ya riga me ba, kuma da zarar an kawo arziƙi cikin lissafi sai bayanin ya samu ba tare da cakulan ba. Inda hali ya yi, hanya mafi ƙarfi ita ce gwaji: a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba rukuni ɗaya abin da ake gwadawa, a hana ɗayan. Ƙuri'ar tana raba masu kuɗi da talakawa, tsofaffi da matasa, zuwa ɓangarorin biyu kusan daidai, don haka abu na uku ba ya samun wurin ɓuya. Da haka ake gwada sababbin magunguna da alluran rigakafi.

Saboda haka idan aka ji a rediyo cewa bincike ya gano masu cin wani abinci sun fi tsawon rai, ko aka ga zane mai ɗigogi suna hawa, akwai tambayoyin da ya kamata su riga yarda. Ɗigo ɗaya wane ne? Wa aka bari a waje? Wanne ya riga faruwa? Me kuma ya bambanta waɗannan mutane da sauran, ban da abin da ake magana a kai? Idan rahoton bai amsa ko ɗaya ba, abin da ke hannu dalilin fara bincike ne kawai, bai kai a canza abincin gida, ko a bar maganin likita, ko a kashe kuɗin jama'a a kansa ba.